Ra'ayin Rostow da masu sukarsa

"Me ya sa ake sukar ra'ayin matakan ci gaba na Rostow?"

A 1960 Rostow, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya jera matakai biyar da ya ce kowace ƙasa za ta taka, daga zaman gargajiya zuwa wadatar kayan masarufi, tamkar kowa zai bi sawun Birtaniya. Walter Rodney, masanin tarihi ɗan ƙasar Guyana, a 1972 ya nuna cewa talaucin Afirka sakamakon cinikin bayi da mulkin mallaka ne, ba mafarin tafiya ba. Dubi layin dogon da ya iso Kano a 1911: ya kwashi gyaɗa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, yayin da yadin Manchester ya riƙa cin kasuwar masaƙanmu. A ganina wannan sukar tana da ƙarfi ƙwarai, domin lissafin Rostow bai tambayi wanda ya ci ribar ba.