Amsa: gwajin ƙimar kayan da suka daɗe a sito

"Kamfanin da muke bincika yana da kayan da suka shekara a sito. Yaya zan tabbatar ba a kumbura ƙimarsu ba?"

Malam, IAS 2, ƙa'idar akanta ta duniya kan kayan sito, ta ce a rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta: kuɗin saye ko NRV, wato farashin da ake sa ran sayarwa bayan an cire kuɗin kammalawa da na sayarwa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce rasitan cinikin da aka yi bayan rufe shekara. A ce katon ɗin fenti an saye shi naira 18,000, an rufe littafi a Disamba, a Fabrairu aka sayar da shi 17,500. Dako da la'adar dillali sun ci 1,500, saura 16,000. Ke nan za a rage 2,000 a kowane katon. In katon 300 ne ke sito ranar da aka rufe littafi, asarar 600,000 ce za ta shiga lissafin riba da asara na shekarar da aka rufe. Kada ka bari ribar wani kaya daban ta rufe wannan giɓin, kowane kaya da nasa gwajin.

Inda na fi damuwa shi ne jadawalin shekarun kaya, wato jerin da ke nuna daɗewar kowane kaya a sito. Wani lokaci da an mayar da kaya wani sito, sai manhaja ta ɗauke shi sabo. Ka zaɓi wasu ka bi su har takardar karɓar kaya ta asali.

In kuwa ba a sayar da ko ɗaya ba, kada farashin da manaja ya rubuta ya ishe ka. Ka je sito ka duba ranar lalacewa, ka tambayi farashin kasuwa.