Tambaya da Amsa: Imel ɗin Neman Izinin Ɗaukar Hoton Tsofaffin Rajistocin Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, ina bincike kan haihuwa a wani babban asibiti. Akwai rajistocin ɗakin haihuwa guda 10 na shekarun 1985 zuwa 1999, rubutun hannu, kowanne kamar shafi 300. Na tura wa ofishin ajiye bayanan marasa lafiya imel cewa ina so in ɗauke su da wayata in zuba a kwamfuta, amma har yau shiru. Me ya kamata in rubuta, kuma wayar ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shirun bai ba ni mamaki ba. Ma'aikacin da ya karanta imel ɗinki abu ɗaya ya gani: sunayen matan mutane, unguwanninsu, da abin da ya same su a ɗakin haihuwa za su shiga wayar da ba shi da iko da ita. Kuma ko ya so, ba hurumin ofishinsa kaɗai ba ne. A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mai da bayanan maras lafiya sirri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Saboda haka ki fara samun takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan ki rubuta wa shugaban asibitin, ta hannun shugaban sashen bayanai. Takardar kwamitin, da wasiƙar malamin da ke duba aikinki, su ne za ki liƙa a imel ɗin a matsayin PDF.

Kafin ki rubuta komai, ki raba abu biyu da kika haɗe. Ɗaukar hoton shafi daban, tsamo bayanai daga shafi daban. Hoto yana kwashe komai, har da suna da adireshi. Tsamowa kuwa ita ce ki zauna da littafin ki shigar da shekarun mai haihuwa, haihuwa ta nawa, nauyin jariri da yadda aka ƙare, ba tare da suna ba. In binciken naki lissafi kawai yake buƙata, na biyun ya fi saurin samun izini nesa ba kusa ba. In kuwa dole sai hoto, misali takardun sun fara rugurgujewa kuma asibitin ma zai amfana da kwafi, to shawarata ita ce ki ce hotunan mallakar asibiti ne, a ofishinsu za su zauna, ke jadawalin da babu sunaye kawai za ki fita da shi. Wannan alkawarin ne ya fi kwantar musu da hankali.

Yanzu batun waya. Irin waɗannan rajistoci galibi faffaɗa ne, shafi ɗaya ya kai girman A3. Ma'aunin da aka saba da shi wajen adana takardu shi ne 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Shafin A3 a wannan ma'auni yana buƙatar fiksel kusan 3500 a faɗi da 4960 a tsawo, kusan megafiksel 17. Wayoyi da yawa, har waɗanda aka rubuta 48 ko 50 a kwalinsu, hoton megafiksel 12 suke fitarwa in ba ki canza saitin ba, kuma wannan zai ba ki kusan 240 dpi, shi ma in shafin ya cika hoton. Babban rubutu zai karantu. Matsalar tana wurin biron da ya dushe da ƙananan lambobi, inda 2.1 da 2.7 na nauyin jariri suke zama abu ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗauki shafin da ya fi muni, ki buɗe a kwamfuta, ki zuƙo kusurwar da ke dab da ɗinkin littafin. In ba ki iya bambanta 1 da 7 a wurin, kayan aikin bai isa ba.

Amma babban haɗarin waya yana wani wuri dabam. Google Photos ko iCloud, in a kunne suke, suna kwashe hoto zuwa intanet tun kafin ki juya shafi na gaba, manhajojin sikanin na waya da dama ma haka suke yi. WhatsApp kuma, ban da fitar da sirri, yana matse hoto har rubutun ya dushe. Ki nemi sikana irin ta sama, wadda ake shimfiɗa littafi a ƙarƙashinta, ko kyamara a kan sandar riƙewa da ke haɗe da kwamfutar da ba ta kan intanet. Sikana mai murfi tana karya bayan tsohon littafi, mai jan takarda kuwa sai an kwance ɗinki, kuma babu ma'ajin da zai yarda.

Ki kuma yi lissafin wurin ajiya ki sa a imel ɗin, domin yana nuna kin san aikin. Shafi 3,000 ne gaba ɗaya. Kowane shafi mai launi a tsarin TIFF marar matsi yana cin kusan megabait 52, jimilla kusan gigabait 156. Kwafin JPEG na aikin yau da kullum bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kada ki yar da launi don tsimi, domin ungozomomi kan yi alama da jan biro, kuma alamar tana da ma'ana. Faifan ajiya na waje guda biyu sun isa, a kulle su da manhajar BitLocker ko VeraCrypt. Sunan fayil ya nuna shekara, littafi da shafi:

```
HAIHUWA_1987_L03_S045.tif
```

Kada ki yi musu alkawarin cewa kwamfuta za ta karance rubutun da kanta. Manhajar gane rubutu ta saba da bugaggen rubutu, a nan kuwa hannuwa barkatai ne, ga gajarce-gajarcen asibiti, ga layukan jadawali. Da hannu za a shigar. Abin da masu bincike ke yi shi ne mutum biyu su shigar da shafi ɗaya kowa da kansa, a gwada, duk inda suka saɓa a koma littafi. Kowace mata a ba ta lambar bincike, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a kulle a asibiti. Ki lura, cire suna kaɗai bai wadatar ba: ranar haihuwa cikakkiya da sunan ƙaramin ƙauye da tagwaye sun isa a gane mace. Ki rubuta wata da shekara kawai, ki sa ƙaramar hukuma a maimakon ƙauye.

Ga yadda gundarin imel ɗin zai kasance, ko da Turanci za ki mayar da shi:

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin ɗaukar hoton rajistocin ɗakin haihuwa 10 na 1985 zuwa 1999, bisa amincewar kwamitin ɗa'a da na liƙa. Za a yi aikin a cikin ofishinku, a gaban ma'aikacin da kuka zaɓa, da sikana ta sama, ba za a kwance littafi ko a fitar da shi ba. Hotunan za su zauna a faifai biyu masu kulle a hannunku. Ba za a yi amfani da waya ko intanet ba. Abin da zan fita da shi jadawali ne marar suna, lambar asibiti ko adireshi, ni da mai duba aikina da masu taya ni shigarwa kaɗai za mu gan shi. Ina roƙon a fara da gwajin shafi goma ku duba."

Ki ƙara ranar farawa da ta gamawa, da sunayen masu taya ki shigarwa. Sannan ki buga imel ɗin a takarda ki kai da ƙafarki, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, domin akwatin imel na ofisoshi da yawa sai a yi makonni ba a buɗe shi ba.