Ɗan shekara 16, wiwi, da wa mai taɓin hankali

"Ƙanena ɗan shekara 16 ya fara shan wiwi. Yanzu ba ya barci, yana cewa 'yan unguwa na bin sa. Babban yayanmu na da taɓin hankali. Jifa ne ko wiwin ce?"

'Yar'uwa, sannu da wannan jarrabawa. Ni dai wiwin nake zargi. Sinadarin cikinta mai bugarwa, THC, yana motsa dofamin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa mutum ya ɗauki abin da ba komai ba da girma. Mutum biyu na dariya a bakin shago, shi kuwa ya rantse da shi suke.

Abin lura shi ne lokaci. In buguwa ce kawai, faɗuwar gaba da zargin kan lafa cikin 'yan awoyi. In ya kwana biyu bai sha ba amma yana nan kan bakansa, ko yana jin muryoyi, ko ya ƙi abincin gida wai an sa masa guba, to abin ya wuce maye.

Zancen yayanku ne ya fi tayar min da hankali. Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ke da ciwon a jini, wiwi kan gaggauto masa da shi, musamman mai shan ta kullum. Shi ya sa abokansa ke sha su tashi ƙalau, shi kuwa ta kayar da shi.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan, ku faɗi gaskiyar abin da yake sha da tarihin yayanku. Addu'a ba ta hana magani. Kada a ɗaure shi ko a doke shi, kada a yi ta musu da shi kan masu bin nasa. In ya ambaci kashe kansa ko ya ɗauki makami, yau ɗin nan za a tafi asibiti.