Kalmomi 900 a Minti Biyar

"Kawu, an ba ni minti biyar in yi jawabi a wani taro, na kuwa rubuta kalmomi 900. Na ji ana cewa al'adar ma'aikatan rediyo ita ce a lissafa kalma uku a kowane sakan, to bisa wannan lissafi rubutuna ya shiga daidai. Shin wajibi ne sai na tsaya ina karantawa da ƙarfi da agogo a hannu kamar yadda kuke yi a da, alhali kwamfuta ta riga ta ƙirga mini kalmomin?"

'Yata, na yi dariya da na karanta saƙonki, daga baya kuma dariyar ta ɗauke, domin lissafin naki daidai ne a takarda, kuma irinsa ne yake sa a karɓe makirufo daga hannun mutum a gaban jama'a. Ƙa'idar da aka faɗa miki ba ƙarya ba ce, mu ma mun tarar da ita. Amma an auna ta ne da bakin ƙwararrun masu karanta labarai da Turanci, mutanen da suke zaune a ɗaki shiru, babu mai tafa musu, babu mai tari a gabansu, ba sa ɗaga kai su dubi kowa. Wanda yake tsaye gaban jama'a yana son a fahimce shi yakan faɗi tsakanin kalmomi 120 zuwa 150 ne a minti ɗaya, kuma idan maganar mai nauyi ce, ƙasa da haka ma ya fi masa.

Lokacin da na fara aiki a gidan rediyo babu na'urar da take ƙirga mana komai. Da tafireta ake buga rubutu, an daidaita ta yadda kowane layi zai ɗauki kalmomi kusan goma, sai mu bi layuka da bakin fensir muna ƙirgawa. Shugaban sashenmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ba ya karɓar takarda daga hannun kowa sai ya ga an rubuta lokaci a gefenta, kuma lokacin da aka samu da baki yake nufi, wato mutum ya miƙe tsaye ya karanta da muryar da zai yi amfani da ita. Idan yaro ya ce masa ai ya ƙirga layuka, sai ya ce, "Layi ba ya numfashi, kai ne kake numfashi."

Akwai wata rana da ban manta ba. An gayyaci wani likitan dabbobi ya yi bayani kai tsaye a kan wata cuta da ta shiga shanu, aka ba shi minti goma kafin labaran dare. A cikin goman nan, kiɗan buɗe shiri da na rufewa da gabatarwar mai shirin sun cinye minti ɗaya, saura tara. Ya zo da rubutu mai layi wajen 190, wato kalmomi kusan 1,900, mutum mai ilimi da ladabi, ya ce ya gwada a gida ya gama a minti takwas. Dattijon namu ya tambaye shi, da baki ya karanta ko da ido? Ya ce da ido, amma ai duk ɗaya ne. Dattijon ya miƙa masa shafin farko ya ce ya karanta da ƙarfi, ya kafa wa agogo ido, da minti ya cika ya ɗaga hannu. Layi goma sha uku ya karanta. Bisa wannan tafiya rubutun yana bukatar minti goma sha huɗu da rabi, ga shi tara ne a hannunsa. Aka ce masa a rage, ya ce kowane layi yana da amfani, shi dai zai ƙara sauri. Dattijon bai yi musu da shi ba, ya ce kawai, "Likita, sauri ya haifi nawa."

Ina tsaye bayan gilashi tare da injiniya lokacin da jar fitila ta kama, alamar an fara shirin kai tsaye. Likita ya fara da gaisuwa da godiya ga shugabannin ma'aikatarsa, abin da babu shi a takardar, ya ci sakan arba'in a nan. Ya shiga tarihin cutar a natse, da murya mai daɗin saurare, har aka ɗaga masa yatsu uku ta gilashi, alamar saura minti uku, shi kuwa bai kai rabin rubutun ba. Daga nan muryarsa ta canza. Ya fara haɗiye ƙarshen kalmomi, numfashinsa yana bugun makirufo, ya zo kan wani adadi ya yi tuntuɓe ya koma ya sake faɗa, ya juya shafi biyu a haɗe ya tsinci kansa a tsakiyar jimlar da ba ta da kai. Labarai kuwa ba sa jiran kowa. Injiniya ya ja muryarsa ƙasa a hankali ya ɗago kiɗa, likita yana ta magana a ɗaki shi kaɗai bai san an yanke shi ba. Abubuwa uku da ya kamata makiyayi ya yi idan ya ga alamar cutar, waɗanda dominsu aka gayyace shi, suna shafi na ƙarshe, ba wanda ya ji su a daren.

Washegari dattijon ya tara mu yaran sashen, ya ɗauki wannan rubutu da jan biro ya yanke shi a gabanmu. Bai taɓa kalma ɗaiɗai ba da farko. Ya fara tambayarmu, idan mai sauraro zai tashi da abu ɗaya, mene ne shi? Muka ce abubuwa ukun nan. Ya ciro su daga ƙarshe ya kawo su kusa da farko, sa'an nan ya ja layi a kan tarihin cutar gaba ɗaya, shafi guda cur. Inda aka kawo misali uku ya bar ɗaya. Sai a zagaye na ƙarshe ya shiga cikin jimloli yana cire irin su "kamar yadda muka sani" da "ya kamata a lura da cewa". Yakan ce wanda ya fara da tsince kalmomi zai wuni yana aiki ya rage sakan ashirin, rubutun kuma ya bushe ya rasa daɗi, alhali sakin layi guda da aka cire dungurungum yana iya ba da minti ɗaya ba tare da mai sauraro ya san an cire komai ba.

To ga naki. Ki ɗauki agogon wayarki, ki miƙe tsaye, ki karanta rubutun da murya a sarari na minti ɗaya, ki ƙirga abin da kika faɗa, ki maimaita da wasu sassan daban domin kada santsin shafin farko ya ruɗe ki. A ce kin samu 140. Idan aka raba 900 da 140, za a samu minti shida da sakan 26, kin riga kin wuce lokacinki da kusan minti ɗaya da rabi tun kafin ki gaida kowa. Sa'an nan minti biyar ɗin ma ba duka ne naki ba. A cikin sakan 300, ki cire kamar 15 na gyara makirufo da sallama, ki cire wasu 15 na wuraren da za ki dakata magana ta zauna ko jama'a su yi motsi, ki kuma ajiye 30 a gefe waɗanda ba ki tanadar musu komai ba, domin ranar taro ba ta taɓa tafiya daidai da gwajin ɗaki. Saura sakan 240, minti huɗu ke nan, wanda a bakinki yake daidai da kalmomi 560. Abin da za ki zubar ya kai 340, fiye da kashi ɗaya cikin uku na rubutun, kuma wannan aikin jan biro ne a kan batutuwa sukutum.

Game da ƙirgar kwamfuta, akwai abin da ba ta gani, kuma a Hausa ya fi muni. Idan kika rubuta 1987, ita kalma ɗaya ta ƙirga, ke kuwa za ki ce alif ɗari tara da tamanin da bakwai, kalmomi bakwai. Idan kika rubuta 2,750,000, ɗaya ta ƙirga, bakinki kuma zai faɗi miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da hamsin, takwas ke nan, kuma a hankali ake faɗin adadi idan ana son a riƙe shi. Haka sunayen hukumomi da aka taƙaita da haruffa, da sunayen mutane tare da muƙamansu. Saboda haka a da ake tilasta mana mu rubuta kowane adadi da kalmomi yadda za a furta shi, inda kuma ba a bukatar ƙididdiga ta ƙwaƙƙwafi mu ce kusan miliyan uku mu wuce.

Abin da yake ɗan ɓata mini rai a tarukan yanzu shi ne yadda mutum zai ga an miƙo masa 'yar takarda cewa lokaci ya ƙare, sai ya ce "a taƙaice", ya ƙara minti huɗu. Ba nasa ya ci ba, na wanda zai yi magana bayansa ne, wanda shi ma ya kwana yana shiri. A wajen dattijon namu wannan ba ƙaramin rashin kunya ba ne, kuma idan ka ce masa za ka san yadda za ka yi idan ka hau, amsarsa ɗaya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ya sa bayan an yanke rubutu akwai sauran aiki biyu da ya koya mana. Na farko, ki rubuta a gefen takarda inda ya kamata ki kasance a minti ɗaya, da minti biyu, da minti uku, domin kallo ɗaya ga agogo ya gaya miki ko kina gaba ko kina baya tun da sauran dama. Na biyu, ki auna sakin layin rufewa shi kaɗai, ki lissafo daga ƙarshe. Idan yana cin sakan 35, kuma kina son ki sauka a minti huɗu da rabi, to dole ki fara shi a minti uku da sakan 55, ko ina kike a rubutun. Kafin wannan wuri ki zagaye sakin layi ɗaya da biro, wanda idan kika tsallake shi maganar za ta haɗu ba tare da gurbi ba, ki gwada karanta rubutun da shi da kuma babu shi har bakinki ya saba da hanyoyin biyu.

Idan kin gama yankan, ki buga mini waya ki karanta mini shi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ni zan riƙe agogon. Kada ki turo mini takardar, domin da ido ni ma zan gama ta a minti biyu da 'yan kai in ce miki ta shiga.