Bidiyon da na haɗa daga PowerPoint yana dusashewa a WhatsApp, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Zariya. Na shirya shafuka 18 a PowerPoint kan kuɗin zangon karatu mai zuwa, har da lambar asusun makaranta, kuma na ɗauki muryata ina bayani. Na kai wani shagon kwamfuta aka mayar min da shi bidiyo, mai shagon ya ce ya yi min 4K, wanda babu sama da shi. Fayil ɗin ya haura megabait 200. Da na tura guruf ɗin iyaye, rubutun ya dusashe, muryata babu, shafukan kuma gudu suke yi. Wani uba ya kira ni yana tambaya ko 3 ce ko 8 a lambar asusun. Yanzu mai shagon ya ce in kawo ya mayar GIF. Hankalina a tashe yake, kada wani ya tura kuɗi inda ba nan ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki taɓa kwamfuta, shiga guruf ɗin yanzu ki rubuta lambar asusun da sunan bankin da sunan da ke kan asusun a saƙo na rubutu, ki ce wannan ita ce daidai, a daina duba ta bidiyo. Lambar asusu lambobi goma ce, kuma ba a iya kwafarta daga bidiyo. Uba zai tsayar da hoton ne, ya haddace huɗu, ya koma manhajar banki, ya dawo ya ɗauki sauran. Ko da rubutun ya fito tar, a wannan kai-komon ake kuskure. Duk abin da mutum zai kwafa, lambar asusu ce ko lambar waya ko adireshin intanet, a rubuce ake tura shi a ƙarƙashin bidiyon.

Rashin murya da gudun shafuka ciwo ɗaya ne, kuma maganinsa bai kai minti ɗaya ba. Idan kika shiga File, sai Export, sai Create a Video, akwai akwati biyu. Na sama na ingancin hoto ne. Na ƙasa yana tambaya ko a yi amfani da muryar da lokutan da kika ɗauka. Alamu sun nuna a kan Don't Use Recorded Timings and Narrations aka bar shi, sai PowerPoint ya ajiye muryarki gefe ya bi lambar da ke Seconds spent on each slide, wadda daga kamfani take zuwa da daƙiƙa 5. Duba tsawon bidiyon da aka ba ki. Shafi 18 sau daƙiƙa 5, minti ɗaya da rabi ke nan. In haka kika gani, to an kama ɓarawon. Ki mayar da shi Use Recorded Timings and Narrations. Idan wannan zaɓin ya ƙi dannuwa, ba a cikin fayil ɗin muryar take ba, sai ki sake ɗauka ta Slide Show, Record Slide Show. Wajen ɗaukar ki riƙa yin shiru na ɗan lokaci duk sa'ad da za ki wuce shafi na gaba, domin PowerPoint ba ya ɗaukar murya a daidai lokacin sauyin shafi, sai ki ji kalmar farko ta gutsure.

Yanzu maganar 4K, wadda ita ce ke cina rai, don kusan kullum sai an kawo min irinta. An cusa wa mutane cewa fayil mai nauyi shi ne mai kyau, kamar atamfa. Wasu masu shago ma kuɗi daban suke caja a kansa, alhali danna akwati ɗaya ne kawai, kwamfuta ta yi ta nishi tana fitarwa. Abin da ba sa gaya miki shi ne, bidiyon da kika tura ta Gallery ba shi ne ke isa wayar iyaye ba. WhatsApp yana matse shi kafin ya tafi. A tura na yau da kullum yana sauko da shi wajen 480p, idan kuma kika danna alamar HD, wadda aka ƙara wa bidiyo a 2023, iyakarsa 720p. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a faɗi da 2160 a tsaye, na 720p kuwa 1280 da 720. Idan kika lissafa, ninki tara ke tsakaninsu. Wato ko da HD kika tura, kashi takwas cikin tara na abin da kika biya kuɗinsa an zubar da shi tun a wayarki. An cika miki tanki ne aka ce ki juye a buta.

Kuma abin da ya fi shan wuya a wannan matsewar shi ne siririn rubutu. Fuskar mutum a bidiyo tana jure dusashewa, ido yana cike gurbin. Amma bambancin 3 da 8 ƴan ɗigo ne a gefen hagu, suna narkewa sai lambobin su zama tagwaye. Haka 5 da 6, haka 1 da 7.

Asalin matsalar ma tun kan shafin take, tun ba a kai ga Export ba, kuma babu zaɓin ingancin da zai gyara ta. Shafin PowerPoint na yau da kullum faɗinsa santimita 33.87 ne, an yi shi don majigi da allon kwamfuta. Waya a tsaye a hannu, faɗin fuskarta bai wuce santimita 7 ba. Ke nan shafinki ya ƙanƙance kusan sau biyar. Rubutun da kika sa a girman 18, wanda a kwamfuta yake da kyau, a waya ya koma ƙasa da girman 4. Ko a takarda aka buga miki girman 4 sai kin nemo tabarau, balle bayan an matse shi, balle uba ɗan shekara sittin yana dubawa a bakin shagonsa da rana tsaka. Kada ki ce ai za su juya wayar a kwance. Mafi yawa ba sa juyawa.

Ga yadda zan yi da shafukanki da ni ne. Da farko ki yi Save As ki ajiye kwafi na biyu, kada ki ɓata na asali. A cikin kwafin ki shiga Design, Slide Size, Custom Slide Size, ki sa faɗi 19.05 cm, tsawo 33.87 cm, wato kin miƙar da shafin tsaye kamar waya. Zai tambaye ki Maximize ko Ensure Fit, ki zaɓi Ensure Fit, sannan ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ki gyara zaman rubutun, don zai hargitse. Yanzu ƙanƙancewar ba ta kai sau uku ba. Rubutu mai girman 32 zai fito wajen girman 12 a waya, irin na littafi. Kada ki yi ƙasa da 32, lambobin kuɗi kuma ki kai su 48 ko fiye, masu kauri, baƙi a kan fari. Ja a kan shuɗi, ko rubutu a kan hoton ginin makaranta, su ne farkon abin da matsewa ke cinyewa.

Na san za ki ce teburin kuɗin ba zai shiga ba. Ba zai shiga ba kuwa, kuma daidai ke nan. Idan kin jera aji ɗaya zuwa shida a tebur guda, da kuɗin makaranta da na littafi da na yunifom, ki raba shi: kowane aji shafinsa, layi uku da jimla. Uban ɗan aji huɗu nasa kawai yake nema. Shafukan za su ƙaru, to sai ki rage na gaisuwa da tarihin makaranta. Ki kuma cire sauye-sauyen nan masu jujjuyawa da tarwatsewa, ki bar None ko Fade. Duk motsin da ya cika fuska yana cin rabon da ya kamata ya tafi ga rubutu, shi ya sa za ki ga shafi ya yi hazo na ɗan lokaci bayan kowane sauyi.

Lokacin kowane shafi kuwa, idan ba da murya za ki yi ba, ki karanta shafin a fili a hankali, ki duba daƙiƙa nawa ya ci, ki ƙara uku. Sai ki sa wannan a Transitions, a akwatin After, wajen Export kuma ki bar shi a kan Use Recorded Timings and Narrations. Shafin suna daƙiƙa 4 ta ishe shi, shafin kuɗi yana iya neman 12.

Daga nan, tunda shafin a tsaye yake, ki fitar da shi a Full HD (1080p), ki ajiye a MPEG-4 Video, wato MP4. Idan PowerPoint 2010 ne a kwamfutar, WMV kaɗai yake fitarwa, wanda wayoyi da yawa ba sa buɗewa, sai ki nemi mai 2013 zuwa sama. Kada ki rufe PowerPoint sai sandar da ke ƙasan allo ta cika. Wajen turawa ki danna HD. Akwai kuma hanyar Document, wadda ba a matse fayil a cikinta kuma tana ɗaukar har gigabait 2, amma dole mai karɓa ya sauke shi duka kafin ya gani, kuma ba ya nuna hoto a cikin hira, sai suna. Ga iyayen da ke lallaɓa datar ɗari biyu, HD ta fi.

GIF ɗin da aka ce ki kawo a yi miki, ki riƙe kuɗinki. GIF ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, to muryarki ta sake tafiya ke nan. Launuka 256 kawai yake iya nunawa a kowane hoto, yana maimaita kansa ba tsayawa, ba shi da sandar komawa baya, kuma idan ya yi tsawo yakan fi MP4 nauyi. Tsari ne tun na 1987. Yana da amfaninsa: shafi biyu ko uku na tunatarwa, “Taron iyaye, Asabar, ƙarfe 10”, da manyan haruffa. PowerPoint na Microsoft 365 yana yinsa ta File, Export, Create an Animated GIF. Amma bayanin kuɗi mai shafi 18 ba aikinsa ba ne. Wanda kuma ya ce miki ki goge .pptx a ƙarshen sunan fayil ki rubuta .mp4, na ga masu yin haka, ba bidiyo zai ba ki ba, fayil ne da babu wayar da za ta buɗe.

Kafin ki tura guruf, ki tura wa mutum ɗaya mai ƙaramar waya, mai gadin makaranta ko wata dattijuwa a gida, ki miƙa masa ba tare da kin ce komai ba, ki ce ya karanto miki kuɗin aji huɗu. Idan ya matso da wayar kusa da idonsa, ko ya ce bari a maido baya, ki koma ki ƙara girman rubutun ko daƙiƙun shafin. Sai ya karanto daidai a karo ɗaya sannan ki tura, ki goge tsohon bidiyon da Delete for everyone idan lokacinsa bai wuce ba, ki kuma sake manna lambar asusun a rubuce a ƙarƙashin sabon.