Kafin ka rage farashin kilik ɗin waya, gwada shafinka a rezo mai rauni

Tambayar da aka ajiye a gurup: "Yaya, ina tallan fanon sola a Google daga nan Tawa. A wata ɗaya waya ta ba ni kilik 600, mutum 6 kaɗai suka cika fom. Ordinata kilik 100, mutum 4. Kowane kilik kusan sefa 100 ne. In sa wa waya -100% in huta?"

Amsar da ta zo da murya, an rubuta ta don waɗanda ba su da megar sauraro:

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, kar ka taɓa -100% ɗin nan, don Allah. Cikin kilik 700 ɗinka, 600 daga waya suke. In ka rufe waya, masu ordinata ba za su ƙaru ba, mutum 4 ɗin nan su ne dai za su rage maka. Masu sayen sola a Tawa, da Konni, da Madawa, su nawa ne ke zaune gaban ordinata?

Na san lissafin da ya tsorata ka. Waya ta ci sefa 60,000 ta kawo mutum 6, kowane ya tsaya maka jika 10. Ordinata ta ci 10,000 ta kawo 4, kowane 2,500. In aka bi lissafin littafi, a waya mutum 1 cikin 100 ke cika fom, ordinata 4 cikin 100, wato kwata ke nan, sai a ce ka sa -75% a wurin Ajustement des enchères, ƙarƙashin Appareils. Tayinka na sefa 100 ya koma 25 duk lokacin da mai nema yake kan waya. Aikin abin ke nan gaba ɗaya: yana ninka tayinka gwargwadon na'urar mutum, daga -100% har +900%. To amma da sefa 25 tallanka zai gangara ƙasan shafi ko ya daina fitowa, kuma ciwon na nan inda yake. Sannan mutum 4 ba adadi ba ne da za a gina hukunci a kai. In biyu daga cikinsu ba su zo ba wata mai zuwa, lissafin ya canza baki ɗaya.

Abin da nake so ka duba tukuna: buɗe Google Analytics, ka ware waɗanda suka zo ta tallan kuma a waya, ka ga Sessions nawa ne, wato sau nawa aka shigo shafinka. Google na cajin ka ne daga lokacin da yatsa ya taɓa talla, shafinka ya buɗe ko bai buɗe ba. Shi kuwa Analytics ba ya ƙirga mutum sai shafin ya fara sauka har lambar ƙirgarsa ta tashi. Ɗan bambanci tsakaninsu ba komai ba ne, kullum ana samu. Amma mu ce ka ga 240 a maimakon 600. Ma'anarsa kusan kilik 360, wato jika 36, ka biya wa mutanen da suka kalli farin allo suka koma baya. Kuma 6 cikin 240 ya zama 2.5 cikin 100, ka ga waɗanda suka samu shiga ba su yi nisa da masu ordinata ba.

Kuma dalilin a bayyane yake. Shafi mai nauyin mega 4, in rezo ya faɗi zuwa kilobit 400 a sakan, sai ya ci sakan 80 kafin ya gama sauka. Mai Airtel ne ko Moov ko Zamani, in ya fita bayan gari, ko da yamma lokacin da kowa ya hau, zai iya faɗawa nan. Ga shi yana jin forfensa na zuba. Wa zai jira minti ɗaya da sakan 20 don ya ga hoton batir?

Nan ne nake da faɗa da masu haɗa mana shafuka. Mutum yana zaune a ofis a Yamai, ga wifi, ga sanyi, sai ya ɗora bidiyo a saman shafi mai kunna kansa, ya jera hotuna biyar masu zagayawa, kowane yadda kamara ta ɗauko shi, mega 2, mega 3, ba a matse ba. Ya nuna wa Elhaji a babban allo, Elhaji ya ce ma sha Allah, a biya shi. Babu wanda ya ce a kashe wifi a gwada da ƙaramar waya. Kuma in ka yi magana ya ce ai haka ake yi yanzu. Ake yi a ina? Har da wata taswira mai motsi a ƙasa, alhali kowa ya san shagon... to, bari dai in bar wannan.

Gwajin ba wuya. Sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafuka, ka duba ɓangaren waya, ka nemi LCP, wato lokacin da babban abin da ke shafin ke bayyana. Sakan 2.5 ko ƙasa shi ne mai kyau, in ya wuce 4 ya ɓaci. Ko ka buɗe shi a Chrome na ordinata, ka danna F12, ka shiga Network, ka zaɓi 3G, ka sake lodawa ka ga abin da mai saye ke gani. Cire bidiyon. Mayar da hotuna WebP, kowane kar ya wuce kilo 100. In shafin ya dawo rabin mega, sakan 80 ɗin nan ya koma 10, kuma farashi da lambar waya su fara fitowa kafin hotuna.

Sai fom ɗin kansa. Mai waya a nan ba ya son cika gida bakwai da imel, zai ga lamba ya kira, ko ya shiga WhatsApp ya turo murya. In ba ka sa danna maɓallin WhatsApp da na kira cikin Conversions ba, wato abubuwan da Google ke ƙirga maka a matsayin talla ya yi aiki, cinikin waya na faruwa, allonka na nuna sifili. Tambayi yaron shago mutum nawa suka ce a Google suka gan ku.

Af, tsaya, akwai abin da ya kamata in fara tambayar ka: wane irin tayi ka zaɓa? In CPC manuel ne ko Maximiser les clics, ragin na aiki yadda na faɗa. In CPA cible ne, wato ka sa burin kuɗin da kowane mai cika fom zai tsaya maka, ba tayin yake taɓawa ba, burin yake canzawa: burin jika 5 da -40% zai zama jika 3 a waya. In kuwa Maximiser les conversions ne ko ROAS cible, duk abin da ka rubuta banza ne, -100% kaɗai yake ji.

Kuma ka sani, ragin nan na Appareils na'ura kawai ya sani, bai san ƙarfin rezo ba. Mai waya a kan wifi mai kyau da wanda ke neman sanda ɗaya a bakin hanyar Abalak duk Téléphones mobiles ne a wurinsa, ragi ɗaya zai same su. A tallan Display, mai fitowa a cikin shafukan wasu, ake iya zaɓar Wi-Fi a saitin na'urori, a tallan bincike babu.

In ka matsu ka rage asara kafin a gama gyaran shafi, sa -20% ko -30%, kar ka wuce. Bayan gyara ka bar shi mako uku ko huɗu ba ka taɓa komai ba, sai ka sake kwatanta kilik da Sessions, ka ajiye mana hoton allon a nan mu lissafa tare.