Fulotinmu da ya tafi da sunan mutum ɗaya

"Kawu, mu biyar za mu haɗa kuɗi mu sayi fuloti, duk 'yan uwa ne da abokan ƙuruciya. Na ce a rubuta rabon kowa, sai aka ce ban yarda da su ba. A al'ada abin kunya ne?"

Ɗana, na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Shekarar da aka bar fam aka koma naira, 1973, mu huɗu muka sayi fili a bayan gari kan naira 400. Babbanmu ya ba da 200, ni 100, sauran biyun hamsin-hamsin. Ranar ciniki muna ƙarƙashin darbejiya, mai unguwa ya tambayi sunan da za a sa a takarda. Muka dubi juna, kunya ta kama mu, muka ce a sa na Yaya. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Da na faɗa wa mahaifina ya girgiza kai ya ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta."

Yaya bai ci amanarmu ba, Allah ya jiƙansa. Rasuwa ya yi. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarsa, ga takardar nan a ninke cikin tsumma, gara ta ci gefenta, amma sunansa na nan raɗau, shi kaɗai. Mai unguwar ya riga shi tafiya. 'Ya'yansa kuwa ba su taɓa jin zancen ba. Don mutunci suka mayar mini da naira ɗarina, alhali a lokacin gari ya riga ya cimma filin. Na karɓa, me zan ce wa marayu?

Ku sa sunan kowa a takardar cinikin kanta, da rabonsa, rabi ne ko kashi ɗaya cikin biyar, domin kuɗi na lalacewa, kaso ba ya canzawa. Da wannan kason za ku riƙa raba kuɗin awo, la'adar dillali da na katanga. Mai unguwa da maƙwabtan iyaka su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa, ya nuna wa iyalinsa. Tun dokar ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, saboda haka in za ku nemi satifiket, kada ya fita da sunan ɗayanku kawai.

Ku tambayi malami batun shufu'a kuma: muddin ba a yanka wa kowa nasa ba, in ɗaya ya sayar wa bare, abokan tarayya na da ikon karɓa a kan farashin.

Ku yaran yanzu sai ku tura kuɗi ta waya, ku ce ai shaida na ciki. Wayarka nawa ta ɓace daga bara zuwa bana? Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan zuwa bayan sallah.